Yadda ake jera harsunan rubuta manhaja da kayan aiki a takardar tarihin aiki ba tare da an cunkushe su ba

Duk wanda ya taɓa zama yana tantance takardun masu neman aikin rubuta manhaja, a nan Damagaram ko a Yamai, ya san wani irin sakin layi da ke yawan fitowa a ƙarƙashin kowane aikin da mai nema ya ce ya yi: sunan ma'aikata, shekarun aiki, sai kuma jerin sunaye ashirin ko talatin da waƙafi kaɗai ya raba su. Mai takardar yana ganin ya nuna faɗin iliminsa, alhali mai karantawa ya rasa amsar tambaya ɗaya da ta sa ya buɗe takardar, wato me wannan mutum ya gina da hannunsa, kuma da wane abu ya gina shi. Wannan jagora za ta bi gurbin aiki guda ɗaya a cikin takardar tarihin aiki, wadda aka fi sani da CV, daga yadda aka saba rubuta shi har zuwa yadda ya kamata ya kasance. Misalan suna cikin Hausa, amma tsarin bai canza ba idan aka mayar da su Faransanci, wanda da shi ake rubuta yawancin takardun nan a Nijar.

Mu ƙaddara wani matashi ne da ya gama karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ya yi shekara biyu, daga 2022 zuwa 2024, a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa kantunan magani manhajar lissafin kaya da ciniki. Abin da ya rubuta a ƙarƙashin wannan aiki shi ne:

> Mai rubuta manhaja, 2022 zuwa 2024. PHP, Laravel, MySQL, JavaScript, jQuery, HTML, CSS, Bootstrap, Git, GitHub, Docker, Linux, Ubuntu, Apache, XAMPP, phpMyAdmin, VS Code, Postman, Python, Java, React, Excel, Word, Trello.

Sunaye 24 ke nan, kuma babu aikatau ko ɗaya a cikinsu. Laravel da ya wuni a kansa shekara biyu ya samu matsayi daidai da Word da ya rubuta takardar neman hutu da shi, ta yadda mai tantancewa ba shi da hanyar bambance hatsi da ƙaiƙayi sai dai ya kira shi ya tambaya, kuma wanda ke da takardu masu yawa a gabansa ba kasafai yake kira ba.

Mataki na farko: nemo shaidar abin da ka yi da gaske

Kafin a goge komai, a fara da bincike, domin ƙwaƙwalwa takan tuna abin da mutum yake sha'awa fiye da abin da ya daɗe yana yi. Idan har kana da damar shiga ma'ajiyar aikin ta Git, wannan umarni zai ƙirga nau'in fayilolin da ka taɓa a duk tsawon aikin:

```
git log --author="sunanka" --pretty=format: --name-only | grep '\.' | sed 's/.*\.//' | sort | uniq -c | sort -rn | head
```

A wurin matashinmu, mu ce sakamakon ya nuna `php` sau 640, `js` sau 85, `css` sau 30, `py` sau 12, kuma babu `java` ko `jsx` ko sau ɗaya. Nan take Java da React sun fita daga wannan gurbi, tun da ba a wannan aiki ya yi amfani da su ba: Java a jami'a ya karanta, React kuwa darussan bidiyo ya kalla da dare.

Wannan ƙidaya tana da iyaka da ya kamata a sani. Yawan taɓa fayil take ƙirgawa, ba ta auna wahalar aiki, don haka `py` sau 12 na iya zama aikin da ya fi kowanne amfani ga kamfanin. Haka kuma a Laravel ana rubuta tsarin rumbun bayanai a cikin fayilolin PHP, saboda haka aikin MySQL ba zai bayyana da sunansa ba, kuma idan an taɓa saka jakar `vendor` a cikin ma'ajiyar bisa kuskure, lambar `php` za ta kumbura da aikin da ba naka ba. Wanda ya bar aiki kuma aka rufe masa hanyar shiga, sai ya ɗauki takarda ya rubuta manyan ayyuka biyar ko shida da ya kammala a wurin, sannan ya rubuta a gaban kowanne abin da ya yi shi da shi. Jerin ya taso daga ayyukan, kada ayyukan su taso daga jerin.

Mataki na biyu: raba sunayen kashi uku

A kan kowane suna, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: idan a ganawar ɗaukar aiki aka ce in ba da labarin wata matsala da na warware da wannan abu a wannan wurin aiki, ina da labarin da zan bayar na minti biyu? Amsar ita ce za ta raba sunayen.

Kashi na farko shi ne abubuwan da aikin ya tsaya a kansu kullum. A misalinmu su ne PHP, Laravel, MySQL, JavaScript da jQuery. Kashi na biyu shi ne waɗanda aka yi wani takamaiman aiki da su ko da sau ɗaya ne, amma aikin da ya kammalu kuma ake iya nunawa: Python da Excel wajen kwaso tsofaffin bayanai, Ubuntu da Apache wajen ɗora manhajar a kan saba, sai Git da ake aikin haɗin gwiwa da shi. Goma ke nan, saura 14, wato kashi na uku, da za su bar gurbin, kuma dalilin fitarsu ba iri ɗaya ba ne.

Word, Trello, VS Code, Postman, XAMPP da phpMyAdmin kayan zaman yau da kullum ne, kamar tela ya rubuta cewa ya iya riƙe almakashi. Ba ƙarya ba ce, amma ba ta bambanta shi da kowa, kuma tana cinye wurin da ya kamata a ga ɗinkinsa. HTML da CSS kuwa duk wanda ya ga an gina shafukan manhaja da Laravel ya san suna ciki, Bootstrap kuma a kansu yake tsaye, don haka wurinsu shi ne sashen ƙwarewa na gaba ɗaya, inda za a ambace su sau ɗaya. Linux ya shiga cikin Ubuntu, GitHub kuma wurin ajiye abin da Git ya yi ne, sai dai idan ka yi amfani da wani abu nasa na musamman kamar GitHub Actions, wanda a lokacin ya cancanci a faɗi sunansa cikakke.

Docker ne ya fi wuyar yanke hukunci, kuma a kansa ne akasarin mutane ke yaudarar kansu. Manhajar tana gudana a cikin Docker, wannan gaskiya ne, amma abokin aikinsa ne ya tsara komai, shi kuwa abin da yake yi kowace safiya bai wuce buga `docker compose up` ba. Ranar ganawa za a ce masa ya bayyana bambancin `image` da `container`, ko yadda bayanan MySQL ke tsira idan aka goge `container`, kuma idan ya yi shiru, mai tambaya zai fara shakkar Laravel ɗin ma da ya iya da gaske. A ganina wannan ita ce babbar asarar cunkoson sunaye, domin suna ɗaya da ba a iya karewa yakan zubar da darajar tara da ake iya karewa.

Mataki na uku: saka kowane suna a cikin jimlar aikinsa

Nan ne ainihin aikin yake, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Kowace jimla tana ɗauke da abu uku a jere: abin da ka yi, da abin da ka yi shi da shi, da abin da ya canza bayan ka yi. Sunan harshe ko kayan aiki yana zama a tsakiya ne, kusa da aikin da ya yi, kuma bai kamata su wuce biyu ko uku a kan aiki ɗaya ba, domin da zarar sun kai huɗu, jimlar ta koma tsohon jerin nan sanye da sabuwar riga. Ga yadda gurbin matashinmu zai koma:

> Mai rubuta manhaja, 2022 zuwa 2024. Manhajar lissafin kaya da ciniki ta kantunan magani shida. Mu uku ne a kan aikin.
>
> Na gina sashen shigar da kaya da lura da ranar lalacewar magani da PHP 8 da Laravel 9, wanda ke gargaɗin mai kanti kwana 90 kafin wa'adi ya cika.
>
> Na rage lokacin fitar da rahoton wata daga daƙiƙa 40 zuwa 3 ta hanyar gyara tambayoyin SQL da ƙara `INDEX` a teburin ciniki na MySQL.
>
> Na rubuta shirin Python da pandas wanda ya kwaso kaya kusan 4,000 daga tsofaffin fayilolin Excel, ya kuma ware waɗanda aka shigar sau biyu.
>
> Na ɗora manhajar a kan saba mai Ubuntu da Apache, na kuma tsara adana kwafin bayanai kowane dare da mysqldump da cron saboda ɗaukewar wuta.
>
> Sauran kayan aiki: JavaScript, jQuery, Git.

A lura da wani abu da ya faru a hanya. Tsohon jerin mai sunaye 24 bai ambaci pandas ba, bai ambaci SQL ba, bai ambaci mysqldump da cron ba, alhali su ne suka fi nuna cewa mutumin ya san aiki. Mai jera sunaye yakan kwaso abin da ya saba gani a takardun wasu, amma wanda ya fara daga labarin aikin dole ya ci karo da kayan da ya riƙe da hannunsa.

Layin farko, wanda ya faɗi irin manhajar da yawan kantuna da yawan ma'aikata, shi ne ke ba sauran jimlolin ma'auni. Laravel a manhajar kanti shida daban yake da Laravel a aikin gwaji na aji, kuma faɗin cewa ku uku ne yana sa a yarda da kai idan ka ce "na gina". A nan sai a yi hattara da aikatau: "na gina" na abin da ka yi kai kaɗai ne ko ka jagoranta, "na gyara" ko "na ƙara" na abin da ka tarar ne, "mun gina" kuma na aikin tarayya ne, wanda ya kamata ka biyo shi da naka kason. Kalmar "na taimaka" ita kaɗai ba ta faɗin komai, tun da mai kawo shayi ma ya taimaka.

Game da lambobi, kada a ƙirƙiro su. Daƙiƙa 40 zuwa 3 na shiga takarda ne idan an auna, ko kuma ana iya sake aunawa. Idan ba ka da ma'auni, ka faɗi canjin da baki, kamar cewa rahoton da a da ake haɗawa da hannu a ƙarshen wata yanzu manhaja ke fitar da shi. Haka nan a kiyaye sirrin tsohon wurin aiki: yawan kantuna ko yawan kaya ba laifi, amma kuɗin cinikinsu da sunayen abokan hulɗarsu ba naka ba ne da za ka baza.

Layin ƙarshe na "sauran kayan aiki" yana da amfani matuƙar bai wuce layi ɗaya ba, wato sunaye uku zuwa shida. Wurin ajiye abubuwan da aka yi aiki da su da gaske ne amma ba su samu jimlar kansu ba. Kada a maimaita a cikinsa abin da jimlolin sama suka riga suka ambata, kuma idan ka ga ya gangara layi na biyu, to kashi na uku ne ke ƙoƙarin dawowa ta taga.

Lambar siga da rubutun suna

Ana rubuta lambar siga ne a inda take canza ma'ana. PHP 5.6, wanda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2018, ya yi nisa da PHP 8 da ya fito a Nuwamban 2020. Python 2 ya kai ƙarshen rayuwarsa a ranar 1 ga Janairun 2020, don haka wanda ya mayar da tsohuwar manhaja daga Python 2 zuwa Python 3 ya faɗi lambobin biyu, domin su ne labarin. AngularJS da Angular kuwa abubuwa biyu ne mabambanta duk da kamannin suna, kamar yadda Java da JavaScript suke, kuma wanda ya rubuta ɗaya yana nufin ɗayan ya riga ya faɗa wa mai tantancewa abin da bai so ya faɗa ba. Ga Git ko Ubuntu ko jQuery, lamba ba ta ƙara komai a mafi yawan lokuta.

Sai a duba kada siga ta saɓa wa shekarun aikin. Laravel 9 ya fito a Fabrairun 2022, saboda haka ya dace da aikin da aka fara a 2022, amma da an rubuta shi a ƙarƙashin aikin 2020, mai ido zai gane. Flutter 1.0 ya fito a Disamban 2018, don haka mai cewa ya shekara goma a kansa ya sake lissafi. A kuma rubuta kowane suna yadda masu shi ke rubuta shi: JavaScript, PostgreSQL, Node.js, GitHub, C#. Ba a fassara su, ba a kuma taƙaita su zuwa JS ko PG a wurin da aka fara ambatonsu.

Mataki na huɗu: daidaita gurbin da sanarwar aikin

Gurbin da muka rubuta uwa ce, kuma daga ita ake yanko wanda za a aika kowane wuri. Mu ce sanarwa ta fito daga wata ƙungiya mai zaman kanta da ke neman mai kula da bayanai, ta ambaci Python, SQL, Excel da KoboToolbox. Matashinmu zai ɗaga jimlar Python da pandas ta zama ta farko, ta SQL ta bi mata, ta Laravel ta sauko ƙasa, domin idon mai karatu a kan jimla ta farko da ta biyu ya fi tsayawa. KoboToolbox kuwa bai taɓa aiki da shi a wannan kamfani ba, saboda haka ba zai shiga gurbin ba. Idan ya zauna ya koye shi ya gina fom na gwaji, sai ya sa shi a sashen ayyukan kansa tare da faɗin cewa gwaji ne. Haka idan sanarwa ta nemi PostgreSQL shi kuwa MySQL ya sani, abin da ya dace shi ne kalmar SQL ta fito fili a jimlarsa, sannan ya yi bayanin kusancin biyun a wasiƙar neman aiki.

Akwai masu cewa cunkoson sunaye dole ne saboda manyan ƙungiyoyi da kamfanonin waje suna karɓar takardu ta manhajar da ke ba su damar neman kalma a ciki. Gaskiya ne ana neman kalma, kuma shi ya sa muka rubuta PHP da Laravel duka biyu, tun da mutum ya san Laravel na PHP ne amma binciken kalma bai sani ba. Sai dai kalmar da ke cikin jimla ana samunta daidai yadda ake samun wadda ke cikin jeri, kuma bayan binciken mutum ne zai karanta. Dabarar nan ta ɓoye sunaye da farin rubutu a kan farar takarda kuwa tana tonuwa da zarar an ciro rubutun daga fayil, domin launi ba ya biyo shi.

Tsofaffin ayyuka da maimaici

Ba kowane gurbi ne ya cancanci jimla huɗu ba. Aikin da ya fi kusa, ko wanda ya fi dacewa da sanarwar, shi ke ɗaukar wuri, aikin koyon sana'a na wata uku da aka yi shekaru biyar baya kuwa jimla ɗaya ta ishe shi, da suna ɗaya ko biyu. Idan ka yi wurare uku duk da PHP da MySQL, kada ka maimaita bayani iri ɗaya sau uku. Ka ambace su a taƙaice a tsofaffin, ka bar jimlolin su nuna abin da ya ƙaru, misali a wurin farko kana gyara shafuka, a na biyu kana tsara teburan bayanai, a na uku saba tana hannunka. Sashen ƙwarewa na gaba ɗaya kuma a kasa shi gida uku ko huɗu, kamar harsuna, rumbun bayanai da kayan saba, kuma a bar zanen taurari ko kashi cikin ɗari, domin babu wanda zai iya faɗin abin da "Python 80%" ke nufi. Duk sunan da ke sashen ƙwarewa wanda ba shi da gurbi ko aikin kai da ya tsaya masa a wani wuri a takardar, a sake duba shi.

Mataki na ƙarshe: gwaji kafin aikawa

Gwaji na farko na na'ura ne. Bayan ka mayar da takardar PDF, ka ciro rubutunta da `pdftotext`, wanda ke cikin `poppler-utils` a Ubuntu:

```
pdftotext cv.pdf -
```

Idan babu wannan, ka buɗe fayil ɗin, ka zaɓi dukkan rubutun, ka manna shi a Notepad. Abu uku ake dubawa. Idan babu abin da ya fito, takardar hoto ce, abin da ke faruwa ga masu buga ta a takarda su sa hannu sannan su ɗauke ta da na'urar sikana tare da kwafin shaidar karatu. Irin wannan babu binciken kalma da zai ga komai a cikinta, don haka a fitar da PDF kai tsaye daga manhajar rubutu. Idan layuka sun cakuɗe, sunan kayan aiki ya faɗa tsakiyar wata jimla, to tsarin shafi mai ginshiƙi biyu ne ya jawo, sai a koma ginshiƙi ɗaya. Idan kuma wasu sunaye sun ɓace, galibi an sa tambarinsu ne a maimakon rubuta su, ko kuma alamar # da + ta C# da C++ ta salwanta a salon rubutun da aka zaɓa.

Gwaji na biyu na mutum ne. Ka ba wani abokin sana'a takardar ya duba na rabin minti, ka karɓe ta, sannan ka tambaye shi abin da ka gina a aikinka na ƙarshe da kuma harshen da ka fi ƙarfi a kai. Idan ya ce manhajar kantin magani da Laravel da MySQL, gurbin ya yi aikinsa. Idan ya ce ya dai ga sunaye da yawa, ka koma mataki na biyu. Bayan haka ka roƙe shi ya zaɓi suna uku da ya ga dama daga gurbin ya yi maka tambaya a kan kowanne, kuma duk wanda ka kasa ba da labarinsa na minti biyu, ka cire shi kafin ka aika takardar.